Yadda ake ɗora wa hoto tabarau ya zauna kamar da shi aka ɗauka

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗora wa hoton wani kwastoma tabarau a Photoshop, amma kowa ya gani sai ya ce liƙawa aka yi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa tabarau ɗin, zuƙo hoton ka dubi ƙwayar idon mutumin. Akwai ɗan farin ɗigo a ciki, shi ne zai gaya maka inda haske ya fito. Mu ɗauka hoton fiksel 3000 ne a 4000, fuskar ta ɗan karkata, ɗigon kuma yana sama ta hagu saboda taga. To duk inuwar da za ka yi ƙasa ta dama za ta faɗi, duk ƙyalli kuma sama ta hagu zai zauna.

Fara da zaman firam. Nemi hoton tabarau da aka ɗauka a karkace irin na fuskar, domin wanda aka ɗauka gaba da gaba ba ya yarda da fuskar da ta juya, ko ka ja shi yaya. Danna Ctrl+T, ka daidaita shi da layin da ya ratsa idanu biyu, ƙwayar kowane ido ta faɗo kusa da tsakiyar gilashi ko ɗan sama kaɗan. Gilashin ɓangaren da ya fi nisa ya kamata ya fi na kusa matsewa, Distort zai yi maka wannan. Sai ka sa Layer Mask ka ɓoye abin da fuska ta tare: karan hanci yana rufe wani sashe na gilashin nesa, hannun tabarau kuma yana shigewa bayan kunne ko ƙarƙashin ɗankwali. Kada ka goge da Eraser, za ka so dawo da wani wurin daga baya.

Inuwa ce ke tona asirin yawancin masu gyara, kuma laifin Drop Shadow ne. Shi yana ɗaukar fuska tamkar allo, ya ba ko'ina inuwa iri ɗaya. Alhali tabarau yana taɓa fata a hanci, amma tsakaninsa da kumatu akwai tazara. Inda abu ya taɓa fata inuwarsa siririya ce, mai duhu da kaifi. Inda ya yi nisa sai ta baje ta yi laushi. Saboda haka inuwa biyu za ka yi.

Ta farko ta hanci ce. Buɗe sabon Layer ƙarƙashin tabarau, ka mai da shi Multiply. Ɗebo launi da Eyedropper daga inuwar da ke ƙarƙashin haɓar mutumin. Kada ka yi amfani da baƙi tsantsa, a kan fatarmu toka-toka yake komawa kamar datti. Da burushi mai laushi na fiksel 10 zuwa 15, ja ɗan layi a ƙarƙashin gadar firam da gefen 'yan ƙananan abubuwan nan biyu da ke dafe hanci, Opacity wajen 60.

Ta biyu ta kumatu ce. Kwafi firam ɗin, cika shi da wannan launin, shi ma Multiply, ka gangaro da shi ƙasa ta dama kamar fiksel 25. Yi amfani da Warp ka lanƙwasa shi ya bi tudun kumatu, domin inuwa ba ta miƙewa a kan abu mai tudu. Ba shi Gaussian Blur na 10 zuwa 15, Opacity 30 zuwa 35. Ma'auninka shi ne inuwar hancin mutumin: idan tana da kaifi saboda rana ce, rage Blur, idan ta fi taka laushi, ƙara. Share duk inuwar da ta zarce fuska ta hau bango.

Ƙyalli kuwa, kaɗan ya isa. Zagaye gilasan da Pen Tool, buɗe Layer a sama ka sa Screen, ka zana siffar tagar a sama ta hagu, a ɗan lanƙwashe saboda gilashin ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Opacity 10 zuwa 20, kuma kada ya hau ƙwayar ido. A duka gilasan ƙyallin hagu zai kasance. Masu juya kwafi da Flip Horizontal suna sa taga biyu a ɗaki mai taga ɗaya.

Idan tabarau na magani ne, gilashin yana sauya abin da ke bayansa. Na mai wahalar hangen nesa yana ƙanƙanta ido, har gefen fuska ya ɗan shigo ciki. Na karatu yana ƙara girmansa. Kwafi abin da ke cikin gilashin, ka rage shi zuwa 96 ko ka ƙara zuwa 104 cikin ɗari.

Sau da yawa firam yana fin fuska kaifi, musamman a hoton waya. Ba shi Gaussian Blur na fiksel 1, da Add Noise 1 zuwa 2 cikin ɗari, sannan ka ƙanƙanta hoton zuwa girman fasfo ka duba. Idan har yanzu yana shawagi, koma ka ƙara duhun inuwar hanci.