Amsa kan gano daidaiton Nash a jadawalin farashin kamfanoni biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin tattalin arziki a nan Katsina. An ba mu kamfanoni biyu masu yin ruwan leda, kowanne zai sayar da jaka ɗaya a kan naira 400 ko naira 350, ga kuma ribar kowanne a rana, a dubban naira:

```
            B: 400      B: 350
A: 400     150, 150     75, 180
A: 350     180, 75     120, 120
```

Na zaɓi 150 da 150 a matsayin daidaiton Nash, tunda nan ne su biyun suka fi samu, amma malam ya ce ban yi daidai ba. Don Allah a ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kuskurenka bai fito daga lissafi ba, ya fito ne daga tambayar da ka yi wa jadawalin. Kai ka nemi gurbin da ya fi wa su biyun alheri idan an haɗa ribarsu, alhali abin da John Nash ya bayyana a 1950 shi ne gurbin da babu wanda zai ƙaru a cikinsu idan ya sauya farashinsa shi kaɗai, ɗayan kuma yana nan a kan nasa. Kalmar da za ka riƙe ita ce "shi kaɗai", domin a wannan wasa ba a zama a yi shawara, kowa yana yanke nasa farashi ne bai san abin da ɗan'uwansa zai yi ba.

Ka fara da tabbatar da na wane ne kowane adadi. A kowane gurbi, adadin farko na A ne, wanda yake zaɓen layin kwance, na biyun kuma na B ne, wanda yake zaɓen layin tsaye. Yanzu ka ɗauka kai ne mai kamfanin A, ka sa tafin hannunka ka rufe layin tsaye na dama, wato ka ƙaddara B ya tsaya a 400. Abin da ya rage a gabanka shi ne 150 idan kai ma ka tsaya a 400, da 180 idan ka sauko 350, don haka sai ka ja layi a ƙarƙashin 180. Daga nan ka mayar da hannunka ka rufe na hagu, ka ƙaddara B ya sauko 350. A nan zaɓinka tsakanin 75 ne da 120, sai ka ja layi a ƙarƙashin 120. Ka ga ke nan, ko B ya hau ko ya sauka, 350 ce ta fi wa A, kuma irin wannan ita ake kira rinjayayyar dabara.

Sai ka koma kujerar B ka yi haka nan, amma a wannan karon layukan kwance za ka riƙa rufewa, kana duban adadi na biyu kawai. Idan A yana 400, B yana auna 150 da 180, ya ɗauki 180. Idan A yana 350, yana auna 75 da 120, ya ɗauki 120. Da ka gama, ka nemi gurbin da adadinsa duka biyu suke da layi a ƙarƙashi. Guda ɗaya ne tak, wato 120 da 120, inda kowa yake sayarwa a 350, kuma shi ne amsar da malaminku yake nema. Gurbin da ka zaɓa ba shi da layi ko ɗaya, domin duk wanda ya zauna a can yana hango ƙarin naira dubu 30 a rana idan ya rage farashi, kuma ya san abokin gasarsa ma yana hango ta.

A nan ne mutane suka fi zamewa, ni ma kuma na taɓa rasa maki a jarrabawa a kan haka. Na tsaya ina kwatanta ribar A a layin kwance, ina cewa 150 ta fi 75, alhali tsakanin waɗannan biyun ba A ne yake zaɓe ba, B ne. Mai layin kwance yana kwatanta sama da ƙasa, mai layin tsaye kuma hagu da dama. Ko a jadawalinku da kamfanonin suka yi kunnen doki, balle ranar da aka ba ku wanda ribar A ta sha bamban da ta B, wannan juyin kaɗai ya isa ya kai ka gurbin da ba shi ba. Idan kana son tabbatarwa, ka tsaya a gurbin da ka samu ka tambayi kowannensu ko zai so ya motsa. Daga 120, duk wanda ya hau 400 shi kaɗai 75 zai koma, saboda haka babu mai motsi.

Abin da nake ganin ya fi wannan amfani shi ne sanin inda alƙaluman suka fito, domin na yi shekaru ina riƙe wa wani gidan ruwan leda littafin ciniki a cikin garin nan. A ce kowace jaka tana cin naira 250 wajen leda da man janareta da kuɗin direba da 'yan lodi. Ribar jaka ke nan 150 a farashin 400, da 100 a farashin 350. Dubu 150 tana nufin jaka 1,000, dubu 180 kuma tana nufin wanda ya rage farashi ya sayar da jaka 1,800. Wato rage farashin ba zai biya shi ba sai ya wuce jaka 1,500 a rana. To, a ce injinsa ba ya iya buga fiye da 1,400, ribarsa ta zama dubu 140, ƙasa da 150, wanda ya tsaya a 400 kuma ya samu ragowar masu saye, a ce jaka 700, ribarsa dubu 105. Ka sake jan layukanka da waɗannan alƙaluma, za ka tarar da gurbi biyu masu layi bibbiyu, 150 da 150 da kuma 120 da 120. A irin wannan hali amsar da ka bayar ta zama daidaito ita ma, sai dai babu rinjayayyar dabara, kuma jadawalin shi kaɗai ba zai gaya maka wanne daga cikin biyun za a zauna a kai ba. Shi ya sa ba na son ɗalibi ya haddace cewa ƙaramin farashi ne amsa kullum. A ja layukan tukuna.

Akwai kuma iyakar da jadawalin yake da ita, domin ya ɗauka sau ɗaya za a buga wasan, masu ruwa kuwa kullum safiya motocinsu suna haɗuwa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa. Wanda ya rage yau ya san gobe za a rage masa, kuma wannan tsoron yakan riƙe farashi a sama na wani lokaci. Amma abin da na gani da idona shi ne, ko an yi zama an tsayar da farashi, ba a kan takarda ake karya shi ba, a bayan mota ake karya shi. Direba ya sauke wa mai shago jaka goma a kan 400, sannan ya ɗora masa guda ɗaya gyara. Idan ka raba naira 4,000 gida goma sha ɗaya, jaka ta tashi kusan 364, rasit kuwa yana nan yana nuna 400. Mukan gane an soma ne idan masu shagunan da suka saba karɓar jaka ashirin suka fara cewa a ajiye musu biyar, suna da saura.