Farawa a manhajar lissafin kasuwanci da ragowar tsohon littafi

"Na bar littafi na koma manhaja. Ina zan sa bashin da nake bin mutane da kuɗin da ke hannuna?"

Malam, zaɓi rana ɗaya ka rufe littafin, ka ƙirga kaya a farashin sari, ba na sayarwa ba. A ce kuɗin hannu 50,000, kaya 300,000, bashin da kake bi 80,000: waɗannan su shiga Debit, wato ɓangaren da ake rubuta abin da ka mallaka. Dila yana binka 120,000, wannan Credit ne, wato ɓangaren da ake rubuta bashin da ake binka da jari. In ka cire shi daga jimillar 430,000, ragowar 310,000 shi ne jarinka, shi ma Credit.

Sai dai kada ka shigar da tsohon bashi kamar sabon ciniki, ribar wata za ta kumbura a banza. Kowane mai bashi ka buɗe masa shafinsa, in ba haka ba ranar da ya kawo biya za ka rasa inda za ka cire.