Darasin nas, manomi da direba: me za a saya da riyal 100?

"Anti, ina koya wa yaran maƙwabta takwas Hausa duk Asabar a nan Makka, 'yan shekara 5 zuwa 7. Zan yi musu darasin masu yi wa jama'a hidima, nas da manomi da direba, har da wasan kwaikwayo. Iyaye sun haɗa min riyal 100. In sayi rigunan wasa ne ko katunan hoto?" Wata malama, Makka.

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni dai ba zan so ki kashe kuɗin a kan ko ɗaya ba. Rigar nas yaro ɗaya kawai za ta shiga, sauran bakwai su koma rigimar wa zai saka. Katunan da ke shagunan littattafai kuwa da Larabci ko Turanci aka buga su, alhali yaranki Larabcin ya riga ya zauna musu a baki. Abin da kike nema shi ne kayan da za su sa yaro ya buɗe baki ya yi Hausa.

Fara da kantin magani. Ki sayi bandeji, filasta, auduga da ma'aunin zafin jiki mai batir. Kada ki ɗauki na gilashi mai zaiba a ciki, domin in ya fashe haɗari ne. A hammata za a riƙa sa shi, ba a baki ba, tunda hannu da yawa zai bi. Abin sauraron ƙirji na roba, wanda ake samu a shagunan abu riyalen masu kayan arha, ya wadatar. Don Allah ban da ƙwayar magani, ban da alewa a matsayin magani. Yaron da ya saba jin ana kiran alewa magani, wata rana zai ɗauki maganin gaske a matsayin alewa.

Ga yadda wasan zai tafi. Yara uku: nas, uwa da mara lafiya. Nas ta ce, "Sannu, me ke damunsa?" Uwa ta ce, "Jikinsa da zafi tun jiya." Nas ta auna, ta karanta lambar da ƙarfi da Hausa. Ki gaya musu lafiyayyen jiki yana wajen 37, in ya kai 38 zazzaɓi ne. Sai nas ta ce, "Ya sha ruwa, ya kwanta ya huta." A zagaye na biyu ciwon ya zama yanka a yatsa: wanke, goge, ɗaure. Kin ga kalmomin sun zo da kansu, ciwo, zazzaɓi, auna, ɗaure, sauƙi. Kalmomi shida zuwa takwas sun isa rana guda. Wanda ke jiran layi ki ba shi tsohuwar waya marar batir, ya kira motar asibiti, ya faɗi sunansa da unguwarsu. Lambar Hilal Ahmar, masu motar asibiti, 997 ce, kuma 911 na aiki a yankin Makka. Ki ja musu kunne cewa ba a kiran su da wasa a wayar gaske.

Direba ba ya cin ko riyal ɗaya. Kujeru a jere, murfin tukunya ya zama sitiyari, takardu su zama tikiti. Hagu, dama, tsaya, akwai sauka, ɗaura bel. In yarinya ta ce ita ce direba, ki ba ta, ai tun 2018 mata ke tuƙi a ƙasar nan.

Manomi ne mai wuya, domin yaron da ya tashi tsakanin benaye da duwatsun Makka zai iya ɗauka cewa tumatir daga baƙala, wato kantin unguwa, yake fitowa. Fartanyar roba ba za ta koya masa komai ba. Ki sayi kofunan roba, ƙaramar jakar ƙasar shuka da busasshen wake. Ki jiƙa waken ya kwana, ki huda gindin kowane kofi, kowa ya shuka ƙwaya biyu ya tafi da nasa gida, ya ajiye kusa da taga. Cikin mako yawanci ya tsiro. In ya ruɓe, ruwa ne ya yi yawa. Ki zo da dabinon Madina da rumman ɗin Ɗa'if, ki tambaye su wa ya noma, wa ya ɗauko a mota. Nan manomi da direba suka haɗu. In akwai kaka a unguwa da ta yi noma a gida, ki roƙe ta ta zo ta nuna musu yadda ake sunkuyawa a yi shuka.

Asabar ta gaba ki zuba kayan a jaka, kowane yaro ya zaro ɗaya ya faɗi mai amfani da shi da abin da yake yi. In amsar ta fito da Larabci, kada ki tsawata. Maimaita masa da Hausa, ya biyo ki. In fiye da rabinsu suka yi shiru, kalmomin sun yi yawa, sai ki rage ki sake wasan. Canjin da ya saura ki sayi kwali da kala, su zana katunansu da hannunsu, ke ki rubuta sunayen.