Na'urar jin Baba tana fito, wani lokacin kuma ta yi shiru

Salam Malam, na'urar jin da muka saya wa Babanmu wata takwas kenan yanzu ta fara fito kamar tsuntsu, wani lokacin kuma ta ɗauke gaba ɗaya ko mun sa sabon batir. Asibitin da muka karɓo ta akwai nisa sosai. Ta lalace ne ko akwai abin da za mu iya yi a gida?

Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kar ku yi saurin cewa ta mutu, fiton nan ma shaida ne tana aiki. Kun san yadda lasifikar masallaci ke kuka in ladan ya matso da makirfo kusa da ita? To haka ne, sautin da ya kamata ya shige kunne ne yake zillowa waje ya koma makirfon na'urar, tana ƙara masa ƙarfi yana sake dawowa. Aikinku shi ne gano inda yake yoyo.

Ku fara da wannan, ku kunna ta ku dunƙule ta a tafin hannu. In ta yi fito, batir da injin suna aiki. In shiru, ko batir ne ko hanyar sautin ta toshe. Shi batirin da iska yake aiki, in kun ɓare takardar da ke manne a bayansa ku ba shi kamar minti ɗaya zuwa biyu kafin ku saka.

Sai ku duba wace iri ce. In siririyar waya ce ta taho daga bayan kunne da 'yar roba mai laushi a bakinta, ku zare robar, za ku ga wani ɗan farin abu ƙarami mai raga. Matacin dattin kunne kenan, a jikin kwalinsa an rubuta wax guard. In ya koma ruwan ƙasa to ya cika, kuma shi ba a wanke shi, canzawa ake. Don Allah kar a sa masa allura ko tsinke, dattin za ku tura cikin 'yar lasifikar da ke bayansa kuma ita ce mai tsadar. Sandar da ke cikin kwalin baki biyu gare ta, ku soka bakin da ba komai ku zaro tsohon, ku juya ku danna sabon. Yawanci wata-wata ake canzawa, mai yawan datti kuma ya fi haka.

In kuma mai tiyo ce da robar da aka yi daidai kunnensa, to ni a wata takwas tiyon nake fara zargi, domin tsakanin wata huɗu zuwa shida ya kamata a sake shi, zafi da gumi suna busar da shi ya yi tauri ya koma rawaya sannan ya tsage, galibi daidai inda ya shiga robar ko inda ya kama ƙugiyar injin, wadda ke rataye shi a saman kunne. Ku kunna ta ku toshe ramin robar da yatsa sosai. In fiton ya tsaya, tiyo lafiya, matsalar a kunne take, ko robar ba ta zauna ba ko datti ya cika kunnen yana mayar da sautin. In bai tsaya ba, ku zare tiyon ku toshe bakin ƙugiyar kanta. Ya tsaya, tiyon ne ya tsage. Ya ci gaba, to ƙugiyar ce ko cikin injin, wannan sai wurin gyara.

Akwai wani dattijo da aka kawo min da damina, 'ya'yansa har sun fara haɗa kuɗin sabuwa. Na ɗaga tiyon sama a haske sai ga ɗigon ruwa guda ɗaya tal a lanƙwasar, shi ya toshe sautin duka. Na raba tiyon da injin, na hura da 'yar robar famfon iska, ban da baki don numfashi ma danshi ne, ina mayarwa ya amsa sallamar da ɗansa ya yi daga bayansa. Robar da tiyon ana iya wanke su da ruwan ɗumi da sabulu a bar su su kwana su bushe, amma injin kam ko ɗigo kar ya taɓa shi, Baba ya riƙa cirewa kafin alwala, da dare kuma a buɗe ƙofar batir. Da hunturu a riƙa share ƙofofin makirfon da ɗan buroshin da ya zo da ita saboda ƙura. Fiton da ke zuwa sai hula ko rawani ya rufe ta kawai, wannan ba komai ba ne.

Kunnen kansa kuma kar ku taɓa, ban da auduga ban da gashin kaza, a bar wa ma'aikacin lafiya ya leƙa ya cire. In kun yi duk wannan ba canji sai ku yi tafiyar, a duba robar ko ta yi masa sako-sako a kuma sake auna jinsa. Amma in akwai ciwo, ko ruwa ko mugunya na fita, ko jiri, ko jin ne ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ku cire na'urar ku kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a ranar, kar a kwana.