Saƙonnin shagona suna faɗawa Spam, me zan yi?

Tambaya: Ina sayar da turaren wuta da atamfa a kasuwar Wadata, Yamai. Na tara adireshin imel kusan 300 a littafi, na tura musu tallar kayan salla gaba ɗaya daga Gmail ɗina. Mutum 4 suka amsa, wasu suka ce a Spam suka tsinci saƙon. Ina gyaran yake?

Amsa: Hajiya, barka da kasuwa. Gyaran daga wannan littafin zai fara. Adireshin da aka rubuta a tsaye, ana ciniki ana neman canji, sau da yawa harafi ɗaya ne ke ɓata a ciki, sai saƙon ya dawo. Wasu kuma mai gyaran salula ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, tun daga nan ba su sake leƙawa ba. Idan Gmail ya ga saƙo iri ɗaya ya fita zuwa ɗaruruwan mutane, wasu na dawowa, sauran ba a buɗewa, sai ya ɗauke ki ƴar talla marar izini.

Lissafin da ya fi damuna shi ne na ƙorafi. Tun Fabrairun 2024 Google ya ce kada masu danna Spam a kan saƙonninki su kai 3 cikin 1,000. A jerin mutum 300, mutum ɗaya tak da ya manta ya taɓa ba ki adireshinsa ya isa ya kai ki wannan iyaka. Shi ya sa nake hana mutane sayen jerin adireshi ko kwaso su daga rukunin WhatsApp.

To ki sake tarawa, amma kowa da hannunsa. Ki buɗe asusu a wata manhajar tura saƙo; Brevo tana da Faransanci, kuma tana barin saƙo 300 a rana kyauta. Ki yi ɗan fom mai gurbi biyu, suna da imel, ki buga lambar QR ɗinsa ki manna kusa da kaskon turare inda ake tsayawa. Ki kunna tabbatarwa sau biyu: wanda ya cika fom sai ya shiga akwatinsa ya danna kafin a sa shi a jeri. Mutanen littafin kuwa, ki tuntuɓe su in sun zo shago, ko ta WhatsApp ɗaya-ɗaya. Ko 80 ne suka tabbatar, sun fi miki 300 ɗin can.

Tukuicin shiga ya fito daga kayan shagonki, misali ƙullin turare ƙarami, ko ragin dala 100 ga wadda ta yi sayayyar jika 10. Kada ki sa cacar salula, don za ta jawo miki masu son salula, ba masu son atamfa ba. Kuma kada ki miƙa tukuicin nan take: ki sa wata kalma a cikin saƙon farko, wadda ta karanto miki ita ta karɓa. Ta haka kin san akwatin yana aiki, ita ma ta koyi nemo saƙonki.

Saƙonnin maraba uku sun isa. Na farko ya tafi a take, da kalmar tukuici, da sanarwar cewa sau biyu a wata za ki riƙa rubutowa, sai tambaya guda: turare kike so ko atamfa? Amsar da za ta ba ki tana nuna wa Gmail cewa kun san juna. Na biyu bayan kwana 3, ba talla a ciki, ki koya mata yadda ake adana turare kada ƙamshinsa ya gudu lokacin zafi. Na uku a rana ta 7, kaya biyu ko uku da farashinsu. Ki rubuta da kalmomi. Hoto ɗaya ƙato ba rubutu yana jawo zargi, ga shi yana cin megas ɗin mutane.

Saura sunan da kike turawa da shi. In manhajar ta tura da adireshin da ya ƙare da @gmail.com, ba ta da ikon sa hannu da sunan Google. Ki sayi sunan shagonki na intanet, mai ƙarewa da .ne ko .com, ki riƙa turawa da adireshin da ya ƙare da shi. Ki kwafi layukan SPF da DKIM, wato shaidar cewa daga gare ki saƙon ya fito, da manhajar za ta ba ki zuwa saitin sunan da ake kira DNS, ki ƙara na DMARC, mai faɗin abin da za a yi da saƙon da ba shi da wannan shaida, a matsayin layin TXT mai suna _dmarc:

```
v=DMARC1; p=none
```

Don gwaji, ki tura wa kanki saƙo daga manhajar, ki shiga Gmail ta kwamfuta, ki buɗe ainihin saƙon daga ɗigo ukun nan na gefe. In kin ga PASS a gaban SPF, DKIM da DMARC, sa hannun ya zauna. In saƙo ya sauka a Promotions, sashen tallace-tallace na Gmail, kada hankalinki ya tashi, wannan ba Spam ba ne.

Ki bar wurin ficewa daga jeri a fili a ƙasan kowane saƙo, don wadda ba ta ga ƙofa ba Spam za ta danna. Wadda kuma ta yi wata 6 ba ta buɗe ko ɗaya ba, ki tambaye ta sau ɗaya, in shiru ki cire ta.