Koyarwa da Hausa a ajin da ba kowa ne Bahaushe ba

Tambaya: Makarantar 'yata a Gombe ana koyarwa da Hausa a aji ɗaya, alhali akwai 'ya'yan Tangale da Tera da Fulani. Ba za a bar ta a baya a Turanci ba?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci duk shekara shida na firamare, Turanci kuma darasi ne guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Yaro da harshen da yake ji yake gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa, kuma wannan ganewar tana bin sa zuwa Turanci.

Amma fa a Ife kusan kowa Bayarabe ne, Gombe kuwa ba haka ba. Yaron cikin gari yana jin Hausa ko da Batangale ne, amma Bafulatanin da ya zo daga ruga sai ki gan shi shiru a bayan aji. Abin da ya fi damuna kuma shi ne lokacin da ake juyawa Turanci farat ɗaya. Ki ba 'yarki ɗan labarin Hausa ta karanta, ki tambaye ta me ya faru. In haddace sauti kawai take yi, ki je wurin malamarta tun yanzu.