Tambaya da amsa: Yadda za ka nuna wa shugabanni cewa rashin sayen sabon inji ma yana cin kuɗi

Tambaya: Ni ne shugaban sashen ƙunshe kaya a wata masana'anta. Injinmu na liƙe leda ya tsufa, kusan kowane mako biyu sai ya tsaya. Sau biyu ina rubuta takardar neman a sayo sabo, ana mayar min da ita cewa babu kuɗi a kasafin bana. Yaya zan rubuta ta yadda za su amince?

Amsa: Malam, wanda ya ce maka babu kuɗi, ma'auni biyu ne a gabansa. A gefe ɗaya ga farashin sabon inji, adadi mai nauyi a rubuce ɓaro-ɓaro. A ɗaya gefen babu komai, domin a ganinsa idan an bar tsohon inji yadda yake ba a kashe ko kwabo ba. Aikin takardarka shi ne ta cike wannan gefen da ya zama wayam. Kuɗin da tsohon injin yake ci ana biyansa tun yanzu, sai dai a warwatse yake: wani yana cikin kasafin gyare-gyare, wani cikin kuɗin ƙarin lokaci na ma'aikata, wani cikin ledar da ake zubarwa, wani kuma bai shiga littafi ba sam saboda ciniki ne da ba a yi ba. Babu wanda ya taɓa tara su a shafi ɗaya, kai ne za ka tara.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ka nemi bayanan wata 12 da suka wuce. Littafin da ake rubuta tsayawar inji, rasitan makanikai da na kayan gyara, takardar biyan ƙarin lokaci daga ofishin albashi, da abin da sito ya fitar na leda idan aka gwada da yawan kayan da aka ƙunshe. Idan ba a rubuta tsayawar inji a sashenku, ka buɗe littafi yau: rana, ƙarfe nawa ya tsaya, ƙarfe nawa ya tashi, me ya lalace, mutum nawa suka zauna jira. Wata uku na rubutu irin wannan ya fi ƙarfin shafi guda na "injin yana yawan ba mu matsala".

Bari mu bi misali da alƙaluman da na ƙirƙira don bayani, kai kuma ka sa naka da irin kuɗin da kuke aiki da shi. A ce injin ya tsaya sau 22 a shekara, jimillar awa 132. Rasitan gyara sun kai 11,000. Wannan ba shi da gardama, akanta da kansa ya biya.

Gardamar tana wajen awa 132 ɗin nan, kuma nan ne mafi yawan takardu suke faɗuwa. Abin da mutum yake fara yi shi ne ya ninka awannin da albashin ma'aikatan da suka zauna, ya ce an yi asararsa. Akanta zai soke wannan layin nan take, kuma yana da gaskiya: albashin wata ana biyansa ko inji ya tsaya ko bai tsaya ba, sayen sabo ba zai rage shi ba. Tambayar da za ka yi wa kowane adadi kafin ka sa shi ita ce, idan an sayi sabon inji, wannan kuɗin zai daina fita ko zai fara shigowa? Idan amsar a'a ce, bar shi a waje komai girmansa.

To me ya faru da aikin da ba a yi ba a waɗannan awanni? A ce awa 100 daga ciki an rama su da aikin dare da na ranar hutu. Mutum 6 ne a layin, kowanne ana ba shi 15 a awa ta ƙarin lokaci, ya zama 9,000. Wannan kuɗi ne da ya fita da gaske, kuma ba don tsayawar injin ba da bai fita ba. Sauran awa 32 ba a rama ba, odar ta wuce, kwastoma ya saya a wani wuri. Injin yana fitar da katan 100 a awa, wato katan 3,200 ke nan. Ana sayar da katan a kan 20, kuma a nan zuciya za ta so ka rubuta asarar 64,000. Kada ka yi. Katan ɗin da ba a yi ba, ba a sayi kayan haɗa shi ba, ba a biya kuɗin kai shi ba. Abin da kamfani ya rasa shi ne rarar da ke saura bayan an cire waɗannan, a ce 5 a kowane katan, jimilla 16,000. Ka kuma lura cewa awa ɗaya ba ta shiga wuri biyu. Wadda aka rama da ƙarin lokaci ba ta cikin cinikin da aka rasa. Da zarar mai karatu ya kama ka ka ƙirga abu sau biyu, zai fara shakkar sauran layukan ma, har da na gaskiya.

Sai leda. Tsohon injin yana ɓata kashi 3 cikin 100 saboda liƙin da bai kama ba, sabon kuwa ana sa ran kashi 1. Idan kuna sayen ledar 300,000 a shekara, bambancin kashi 2 ɗin 6,000 ne. Haɗa duka huɗun, gyara da ƙarin lokaci da rarar da aka rasa da leda, sun tashi 42,000 a shekara. Wannan shi ne farashin cewa "a dakata tukuna".

Yanzu ka juya ga sabon injin, ka yi masa irin tsananin da ka yi wa tsohon. Farashin da dillali ya rubuto 60,000 ne, amma ba shi ne abin da za a kashe ba. Akwai ɗauko shi, da girka shi, da gyaran wayoyin lantarki, da koya wa ma'aikata, da kwanakin da layin zai tsaya ana musanya. A ce waɗannan 8,000 ne, tsohon kuma za a sayar da shi 3,000, ya zama 65,000. Sabon inji ma yana buƙatar sabis kuma wata rana zai tsaya, ka ware masa 7,000 a shekara. Takardar da ta ce sabo ba zai ci komai ba, mai karatu ya san ba ta faɗi gaskiya ba. Abin da za a tsira da shi ke nan 35,000 a shekara, kuma 65,000 ɗin za ta dawo cikin wata 22 ko kusa da haka. A shekara uku, zama da tsohon zai ci 126,000, sayen sabo da kula da shi zai ci 86,000.

Akwai adadi ɗaya da nake son ya fito fili a takardar, domin shi ne amsar "bari sai baɗi". Raba 35,000 gida 12, za ka samu kusan 2,900. Kowane wata da aka jinkirta, abin da ake biya ke nan, kuma a ƙarshen jinkirin sai an sayi injin dai.

Ka riga su soke lissafinka da kanka. Layin da ya fi rauni shi ne cinikin da aka rasa, don wani zai ce wa ya san ko da an sayar. Idan kana da wasiƙar kwastoma da ya janye oda ko shaida daga sashen ciniki, haɗa ta. Sannan ka rubuta cewa ko da an cire wannan 16,000 gaba ɗaya, saura 19,000 a shekara, kuɗin zai dawo cikin wata 41. Ka tambayi akanta tun kafin ka miƙa, wa'adin da kamfani yake karɓa don kuɗin kayan aiki su dawo shekara nawa ne. Idan wa'adinsu shekara uku ne, ka ga lissafin tsanani, wato wannan da aka cire cinikin da aka rasa, ya ɗan haura wa'adin, kuma gara ka san haka a ofishinsa da ka ji shi a gaban taro. A gaskiya ma ina ba ka shawara ka kai masa alƙaluman ya duba, domin takardar da ta ce "ofishin kuɗi ya tantance waɗannan" ba a yi mata irin tambayoyin da ake yi wa wadda ta fito daga sashen da ke son injin kawai.

Wata hujja da ake yawan kawowa kuma ba ta da amfani ita ce "mun riga mun kashe kuɗi masu yawa a kan tsohon". Abin da aka kashe ya tafi, ba ya goyon bayan saye kuma ba ya goyon bayan ci gaba da gyara. Amfanin rasitan baya shi ne su nuna inda abin ya dosa. Idan gyaran shekaru uku yana hawa kowace shekara, jera su, za su yi magana da kansu. Haka idan kamfanin da ya ƙera injin ya daina yin kayan gyaransa, ka kawo rubutacciyar shaida, saboda hakan yana nufin tsayawar awa shida za ta iya zama ta makonni. Irin wannan haɗarin, da na raunin ma'aikaci idan akwai, ka bayyana su da kalmomi a sakin layi na daban. Kada ka ƙaga musu farashi ka zuba cikin jimilla.

Za a tambaye ka ko ba za a yi wa tsohon garambawul ba, ko a ɗauki haya, ko a sayi na hannu. Ka samo farashin aƙalla ɗaya daga ciki, ka yi masa lissafin shekara uku kamar sauran. Idan garambawul ya fi sauƙi a lissafi, faɗi haka, ka nemi shi. Wani lokaci alƙaluman suna nuna cewa tsohon injin bai kai a sauya shi ba tukuna, kuma wanda ya yarda da hakan bana, za a saurare shi ranar da ya ce lokaci ya yi.

Ita takardar kanta shafi ɗaya ta isa, sauran su zama rataye. Sakin layi na farko ya ɗauki komai, kamar haka: "Ina neman amincewa a kashe 65,000 don sauya injin liƙe leda na layi na biyu. A wata 12 da suka wuce, ci gaba da amfani da shi ya ci 42,000. Sauyin zai rage kashewa da asara da 35,000 a shekara, ya mayar da kuɗinsa cikin wata 22, kuma jinkirin kowane wata yana cin kusan 2,900." Bayan wannan sai ƙaramin jadawali na shekara uku da ke jera zama da tsohon, garambawul, da sayen sabo, sannan inda kowane adadi ya fito da lissafin tsanani. Bayanin ƙarfin injin da saurinsa ka tura shi cikin rataye, masu sa hannu ba shi suke nema ba.

Ka rufe da ranar da kake buƙatar amsa da dalilinta na gaskiya, misali ranar da farashin dillali zai daina aiki ko tsawon lokacin da kawo injin yake ɗauka kafin watannin da oda take yawa. Idan kuma kasafin bana a rufe yake da gaske, ka nemi a sa shi cikin na baɗi a rubuce, ko a tattauna biya kashi-kashi da dillali. Ka kuma ɗauki alkawari a layin ƙarshe cewa bayan wata shida da girkawa za ka kawo rahoton awannin tsayawa, kuɗin ƙarin lokaci da ɓarnar leda, a gwada su da abin da ka rubuta.